Yadda Ake Soke Rajistar Biyan Wata-wata Ba Tare da Asarar Kwanakin da Aka Riga Aka Biya Ba

Mutane da yawa da ke biyan kuɗin wata-wata domin kallon finafinai, sauraron waƙoƙi, ajiyar hotuna ko amfani da wata manhajar aiki sukan jinkirta soke rajistarsu har zuwa ranar ƙarshe, saboda tsoron kada a rufe musu ƙofa da zarar sun taɓa maɓallin sokewa. Wannan jinkirin ne yake jawo asarar da suke gudu, domin ranar takan zo mutum yana cikin wata hidima, sai dai ya ji saƙon banki ya shigo cewa an sake cire masa kuɗin wani watan. A mafi yawan manyan kamfanoni, sokewa tana nufin dakatar da biyan da zai zo nan gaba ne kawai. Ba ta taɓa biyan da ya riga ya wuce, saboda haka mutum yana ci gaba da amfani da abin da ya saya har ranar da wa'adinsa zai cika, kuma a dalilin haka ne ba a mayar masa da kuɗin sauran kwanakin. Akwai wurare kaɗan da wannan ƙa'ida ba ta aiki, kuma su ne ya kamata a gane kafin a taɓa komai.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu ɗaya, za mu bi misalin mutumin da ya yi rajistar wata manhaja ta hanyar Google Play a wayarsa ta Android. Mu ƙaddara cewa kuɗin naira 6,000 ne a wata, an cire masa a ranar 5 ga Afrilu, kuma za a sake cirewa a ranar 5 ga Mayu. A ranar 12 ga Afrilu ya yanke shawarar cewa ba ya bukatar manhajar. Ya ci kwana 7 daga cikin 30, saura 23, waɗanda idan aka raba kuɗin daidai a kan naira 200 kowace rana za su kama naira 4,600. Farashin na misali ne, amma matakan su ne ainihin waɗanda ake bi.

Mataki na farko: gano wanda yake karɓar kuɗin

Kafin a nemi maɓallin sokewa, dole ne a san ta wace hanya kuɗin yake fita, domin a can ne kawai sokewa take aiki. Manhaja ɗaya tana iya karɓar kuɗi ta hanyoyi da dama: ta Google Play, ta Apple, ta shafin kamfanin kai-tsaye da katin banki, ko kuma ta kamfanin layin waya wanda yake cira daga kuɗin kira. Wanda ya yi rajista ta Google Play, ya shiga shafin kamfanin yana neman inda zai soke, sau da yawa abin da zai tarar shi ne saƙon da ke mayar da shi Google Play, domin kamfanin ba shi ne yake riƙe da umarnin cire kuɗin ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe imel a nemi rasit ɗin biyan ƙarshe, a duba wanda ya aiko shi. Idan ba a samu ba, a duba bayanin da ke cikin saƙon banki na ranar da aka cire kuɗin, domin sunan mai karɓa yakan fito a ciki. Wanda yake da adireshin Gmail fiye da ɗaya a waya guda ya lura da wanda rasit ɗin ya shigo cikinsa, saboda rajistar tana rataye ne a kan wannan asusun, kuma ba za ta bayyana ba idan aka duba ta ɗayan. Idan kuma daga kuɗin kira ake cira a kan layin Najeriya, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware wa dukkan kamfanonin layi domin dakatar da irin waɗannan hidimomin ita ce *305#.

Mataki na biyu: karanta ranar sabuntawa da irin tsarin da kake kai

A Google Play, ana taɓa hoton asusu da ke saman allo, a shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, a zaɓi manhajar. A iPhone kuwa ana shiga Settings, a taɓa sunan mai wayar a can sama, sannan Subscriptions. A kowanne za a ga farashi da ranar da za a sake cire kuɗi. A rubuta wannan ranar a wani wuri, domin ita ce ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Abu na biyu da za a tabbatar a wannan shafin, ko a cikin rasit, shi ne irin tsarin. Tsarin wata-wata na gaskiya yana ƙarewa ne a ƙarshen kowane wata ba tare da wani alkawari a kanka ba. Tsarin shekara da aka biya gaba ɗaya yana tafiya har ƙarshen shekarar. Gwajin kyauta yana da nasa hukuncin. Sannan akwai tsarin shekara da ake biya kashi-kashi kowane wata, wanda a ido yake kama da na wata-wata alhali yarjejeniya ce ta wata goma sha biyu. Biyun farko suna bin ƙa'idar da aka ambata a sama. Biyun ƙarshe su ne suke bukatar taka-tsantsan, kuma za a zo kansu.

Mataki na uku: soke yanzu, kada ka jira ranar ƙarshe

Mutumin misalinmu yana kan tsarin wata-wata na gaskiya, saboda haka abin da ya fi masa shi ne ya soke a ranar 12 ga Afrilun da ya yanke shawara. Zai taɓa Cancel subscription, za a tambaye shi dalili, wataƙila a yi masa tayin ragi ko a ba shi shawarar dakatarwa na ɗan lokaci, sai ya ci gaba har ya kai allon tabbatarwa na ƙarshe. A wannan allon akwai jimla guda da ya wajaba ya karanta a hankali kafin ya taɓa komai, wadda take faɗin ranar da damarsa za ta ƙare. Idan ta nuna ranar da ya rubuta a mataki na biyu, to kwanakinsa 23 suna nan daram. Idan ta nuna cewa damar za ta ƙare nan take, ya dakata ya koma baya, domin ya faɗo cikin ɗaya daga cikin keɓantattun yanayin.

Google ya bayyana wannan ƙa'ida a shafinsa na taimako da misalin wanda ya sayi rajistar shekara a ranar 1 ga Janairu ya soke a ranar 1 ga Yuli: zai ci gaba da amfani har 31 ga Disamba, kuma ba za a cire masa kuɗi a Janairu mai zuwa ba. Netflix, da Spotify a tsarinsa na biya, da YouTube Premium duk a kan wannan hanyar suke tafiya, wato dama tana ci gaba har ƙarshen lokacin da aka biya.

Dalilin da ya sa jira yake da haɗari ya wuce mantuwa kawai. Dokokin Google Play da na Apple sun ba su damar cire kuɗin sabon wa'adi tun awa 24 kafin tsohon ya ƙare, saboda haka wanda ya ce zai soke a daren 4 ga Mayu yana iya tarar da cewa an riga an cire. Ga kuma matsalar hanyar sadarwa, ko manta kalmar sirri a daidai lokacin da ake bukatarta. Tun da sokewa da wuri ba ta rage maka ko kwana ɗaya, babu wata riba a cikin jiran.

Mataki na huɗu: tabbatar da cewa sokewar ta shiga

Bayan an gama, a koma shafin Subscriptions a sake dubawa. A Google Play rajistar za ta nuna an soke ta tare da ranar ƙarewa, kuma za a ga maɓallin Resubscribe a maimakon na sokewa. A iPhone maɓallin sokewa zai ɓace, a ga ranar ƙarewa a inda da ake ganin ranar sabuntawa. Galibi imel na tabbatarwa yakan shigo cikin 'yan mintuna. A ɗauki hoton allon yadda ranar za ta fito a ciki, a kuma bar imel ɗin kada a goge shi, domin idan aka sake cire kuɗi a watan gaba, waɗannan biyun su ne hujjar da za ta sa a mayar ba tare da doguwar jayayya ba.

Akwai abubuwan da mutane suke ɗauka sokewa ce alhali ba ita ba ce. Goge manhaja daga waya ba ya dakatar da komai, kuɗi zai ci gaba da fita ko da wayar ta ɓata ko an sayar da ita. Kwashe kuɗi daga asusun banki domin cirewar ta gaza ma ba sokewa ba ce. Abin da yakan faru shi ne kamfani ya ci gaba da gwada katin na wasu kwanaki, sai ranar da albashi ko kuɗin ciniki ya shigo, a cire ba zato. Wannan dabarar ta yaɗu a tsakanin masu amfani da katin da ake loda wa kuɗi sai lokacin bukata, kuma ni ban ga hikima a cikinta ba, tun da sokewa ta gaskiya ba ta cin minti biyu. Goge asusunka na manhajar gaba ɗaya kuwa kishiyar matsalar ce: yana rufe ƙofa nan take tare da kwanakin da suka rage, kuma idan ta Google Play ko Apple ake biya, cirewar tana iya ci gaba bayan asusun ya tafi. A soke tukuna, a jira wa'adi ya cika, sannan a goge asusu idan ana so.

Inda dama take yankewa nan take

Gwajin kyauta shi ne wuri na farko. Tun da ba a biya komai ba, babu wani wa'adin da kamfani yake ganin ya zama hakkinka. Spotify ya faɗa a fili cewa wanda ya soke a lokacin gwajin da bai biya ko kwabo ba zai koma tsarin kyauta nan take, kuma a gwajin wasu hidimomin Apple na kansa ma dama tana iya ƙarewa da zarar an soke. Wasu manhajojin kuma suna barin mutum ya cinye kwanakin gwajin. Allon tabbatarwa ne zai nuna wanne ne ya shafe ka. Idan yankewa nan take ce, kuma kana son cin moriyar gwajin, sai ka saka tunatarwa a waya kwana biyu kafin ƙarewarsa, domin Apple da kansa yana ba da shawarar a soke aƙalla awa 24 kafin gwaji ya cika.

Wuri na biyu shi ne lokacin da aka mayar maka da kuɗi. Ba a haɗa kuɗi da dama a hannu ɗaya: idan an amince an mayar, galibi rajistar tana mutuwa a lokacin. Wasu kamfanonin suna ajiye zaɓi biyu a gabanka, ko dai a ƙare yanzu ko a ƙare a ranar cikar wa'adi. Kada a zaɓi na farko sai an ga adadin kuɗin da za a mayar a rubuce a kan allon, domin idan babu adadi, mai yiwuwa kwanakin ne kawai za su tafi.

Tsarin shekara da ake biya wata-wata ba ya yanke dama nan take, amma shi ne ya fi cizo. Sanannen misali shi ne na Adobe, mai Photoshop. A dokarsa, wanda ya soke cikin kwana 14 na farko ana mayar masa da kuɗinsa duka, amma bayan haka zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage a yarjejeniyar, kuma damarsa ta tsaya a ƙarshen watan da yake ciki. Idan muka ƙaddara naira 10,000 a wata, mutum ya soke bayan wata huɗu, saura wata takwas na naira 80,000, sai a caje shi naira 40,000 a kan barin abin da ba zai ƙara amfani da shi ba. A watan Yunin 2024 hukumomin Amurka sun kai kamfanin kotu bisa zargin cewa bai bayyana wa masu saye wannan cajin yadda ya kamata ba. Wanda ya sami kansa a irin wannan tsarin ya yi lissafi kafin ya soke: idan saura wata ɗaya ko biyu ne kuma yana ɗan amfani da manhajar, zai fi masa ya ƙarasa shekarar, ya tabbatar dai bai bari ta sabunta kanta zuwa wata shekarar ba.

Me ya sa ba a mayar da kuɗin sauran kwanakin

A nan ne mutumin misalinmu zai tambaya: tun da na daina amfani, ina naira 4,600 ɗina? Amsar kamfani tana farawa ne daga abin da aka sayar. A yarjejeniyar da ya amince da ita ranar rajista, abin da ya saya shi ne damar shiga na wata guda a dunƙule, ba kwanaki talatin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba. Lamarin ya yi kama da na wanda ya biya hayar ɗaki ta shekara ya tashi a wata na bakwai: mai gida ba ya mayar masa da ragowar, amma makulli yana hannunsa har shekarar ta cika, ko ya kwana a ɗakin ko bai kwana ba. Barin ƙofa a buɗe har 5 ga Mayu shi ne hujjar kamfani cewa ya cika nasa ɓangaren, kuma shi ya sa abubuwan biyu, ci gaban dama da rashin mayar da kuɗi, kusan kullum suke tafiya tare.

Dalili na biyu shi ne amfanin irin waɗannan hidimomin ba ya rabuwa daidai a kan kwanaki. Mutum yana iya kallon dogon shiri gaba ɗaya a kwana biyu, ko ya buɗe manhajar zane ya gama aikin da ya kawo shi a yini ɗaya, ko ya yi rajista domin wasan ƙarshe na wata gasa kawai. Da ana mayar da kuɗi bisa kwanaki, da wannan mutumin ya biya naira 400 ya kwashe abin da aka sa wa farashin 6,000, kuma da kowa ya koyi yin hakan. Farashin wata an gina shi ne a kan cewa wasu za su yi amfani da yawa, wasu kaɗan, kuma kowa zai biya cikakken watan.

Dalili na uku shi ne kuɗin ba ya isa hannun kamfani a cike. Google Play ya fara ɗaukar kashi 15 cikin 100 a kan rajistar da ke sabunta kanta a farkon 2022, Apple kuma a tsarinsa na asali yana ɗaukar kashi 30 a shekarar farko sannan 15 bayan haka. Akwai ladan masu sarrafa biyan kati, wanda sau da yawa ba ya dawowa ko da an mayar wa mai saye kuɗinsa. Akwai harajin VAT, wanda a Najeriya yake kashi 7.5 cikin 100 kuma manyan kamfanonin waje suna karɓarsa a kan hidimomin intanet. Mayar da wani ɓangare na ƙaramin kuɗi yana nufin a warware duk waɗannan lissafe-lissafen, ga kuma ma'aikacin da zai amsa ƙorafi idan canjin kuɗi ya sa abin da ya dawo bai kai abin da aka zata ba.

A tsarin shekara akwai ƙarin hujja, wato ragi. Ana sayar da shekara a ƙasa da kuɗin wata goma sha biyu ne saboda mai saye ya ɗaure kansa, kuma idan zai iya fita a wata na uku ya karɓi ragowar, ya ci ragin ba tare da alkawarin ba.

Duk da haka, kada a yarda cewa abin ba ya yiwuwa ne. Kamfanonin nan sun iya lissafin kwanaki sarai, kuma suna yin sa a duk lokacin da mutum zai hau tsari mafi tsada a tsakiyar wata, inda ake ƙimanta ragowar kwanakinsa a zuba su cikin sabon tsarin. Rashin mayarwa zaɓi ne na kasuwanci wanda doka a yawancin ƙasashe ta ƙyale. A ganina, a tsarin wata-wata zaɓin bai saɓa wa adalci ba, matuƙar an faɗa tun farko kuma an bar ƙofa a buɗe, domin mafi munin asara ita ce ta 'yan makonni. A tsarin shekara da ya sabunta kansa ba tare da mutum ya ankara ba kuwa, riƙe kuɗin wata goma sha ɗaya na abin da ba a so ba shi da wata hujja mai ƙarfi, kuma a irin wannan ne ya kamata mutum ya nemi hakkinsa da gaske.

Mataki na biyar: yi amfani da kwanakin da suka rage wajen kwashe kayanka

Tsakanin ranar sokewa da ranar ƙarewa akwai aikin da ake mantawa da shi. Finafinai da waƙoƙin da aka sauke a cikin manhaja ba mallakarka ba ne, za su daina buɗewa da zarar wa'adi ya cika, ko da suna cikin wayar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'ajiya. Wanda ya soke Google One, ma'ajiyar Google ta biya, zai koma 15 GB na kyauta, kuma idan abin da ya tara ya wuce haka, ba zai iya ɗora sabbin fayiloli ba, Gmail ɗinsa ma zai daina aikawa da karɓar saƙo har sai ya rage kaya. A iCloud, ma'ajiyar Apple, iyakar kyauta 5 GB ce. Saboda haka a sauke hotuna da takardu zuwa kwamfuta ko wata ma'ajiya tun da sauran mako guda, a buɗe wasu daga cikinsu a tabbatar sun sauka lafiya. Idan rajistar ta iyali ce, a sanar da waɗanda ke cikinta, domin damarsu za ta ƙare a rana ɗaya da taka.

Mataki na shida: neman a mayar da kuɗi a inda akwai dalili

Sokewa da neman mayar da kuɗi buƙatu biyu ne dabam, kuma yin na farko ba ya jawo na biyu da kansa. Mutumin misalinmu, wanda ya yi mako guda yana amfani sannan ya canza ra'ayi, da wuya ya samu komai, kuma gara ya ci kwanakinsa. Amma a sauya labarin kaɗan: ya manta bai soke ba, an cire masa naira 6,000 a ranar 5 ga Mayu, ya gani da safe. A nan sauri ne yake aiki. Ya soke nan take domin kada a maimaita a Yuni, ya guji buɗe manhajar, sannan ya shigar da buƙata. Google Play yana karɓar irin wannan buƙatar kai-tsaye idan ba a wuce awa 48 da cirewar ba, bayan haka sai ya tura mutum wurin masu manhajar. Masu iPhone suna shigar da tasu a reportaproblem.apple.com. Babu tabbacin za a amince, amma rashin taɓa hidimar bayan sabuntawa yana ƙarfafa magana. Amazon, alal misali, yana mayar da cikakken kuɗin Prime na wa'adin da ake ciki ga wanda bai yi amfani da ko ɗaya daga cikin fa'idodinsa ba.

Dalilan da suka fi ƙarfi su ne waɗanda laifin ba naka ba ne: an cire kuɗi bayan ka soke kuma kana da hoton allo, an cire sau biyu a wata ɗaya, hidimar ba ta yi aiki ba na tsawon lokaci, ko wani ya yi amfani da katinka ba da izininka ba. Saƙon ƙorafi ya zama gajere, ya ƙunshi lambar oda da ke jikin rasit, ranar cirewa, adadin kuɗi, ranar da aka soke, da abin da ake nema a jimla guda. A Google Play lambar odar tana farawa da GPA.

Doka ma tana da nata gurbin, gwargwadon ƙasar da asusun yake. Mazauna ƙasashen Tarayyar Turai suna da hakkin janyewa cikin kwana 14 daga sayayyar intanet a ƙarƙashin dokar 2011 ta hakkin masu saye, sai dai a kayan dijital hakkin yana iya faɗuwa idan mutum ya amince a fara ba shi nan take kuma ya yarda cewa ya san zai rasa shi, wanda shi ne abin da ɗan akwatin da ake taɓawa a lokacin biya yake nufi. A Najeriya, wanda kamfani ya ƙi saurara bayan an cire masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba yana iya kai ƙorafi ga hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa, idan kuma kamfanin layin waya ne, akwai lambar NCC ta 622 bayan an fara kai kuka wurin kamfanin.

Neman banki ya janyo kuɗin da ƙarfi shi ne mataki na ƙarshe, kuma a ajiye shi domin cirewar da ba a ba da izininta ba ko wadda aka yi bayan tabbatacciyar sokewa. Bankin zai nemi rasit, da shaidar sokewa, da shaidar cewa an tuntuɓi kamfanin bai gyara ba. Wanda ya bi wannan hanyar a kan kuɗin da ya amince da shi da kansa yana iya rasa ƙarar, kuma kamfanin yana iya takura asusunsa ko ya rufe shi, abin da zai fi naira 6,000 ciwo idan a cikin asusun ne imel ɗinsa da hotunan iyalinsa suke.